Na Samu Aiki: Yaushe Za a Faɗa, Wa Za a Fara Faɗa Wa, Kuma da Wane Baki?

Yau za mu yi magana ne a kan mutumin da ya daɗe ba shi da aikin yi, shekara uku ko biyar ko fiye, sai Allah ya kawo masa buɗi. Takarda ta fito, sunansa na ciki. Abin da ya rage shi ne ya buɗe baki ya faɗa wa mutane. A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Wani ya kambama abin har ya ɓata wa kansa da waɗanda suka taimake shi. Wani kuma ya ƙanƙantar da shi har maganarsa ta koma ƙarya.

Wannan ba matsalar mutum ɗaya ba ce. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta taɓa bayyana cewa a ƙarshen shekarar 2020 rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33 cikin 100. Da yawanmu kuma ba mu manta da watan Maris na 2014 ba, lokacin da matasa suka yi cincirindo a filayen wasa domin jarrabawar shiga hukumar shige da fice, har aka rasa rayuka a turmutsutsu. Saboda haka duk wanda ya samu aiki a ƙasar nan, ya sani cewa labarinsa zai faɗa ne a kunnen mutanen da wasunsu har yanzu suna yawo da takardu a hannu. Zai kuma faɗa a kunnen waɗanda suka ciyar da shi yana zaune. Waɗannan rukuni biyu ba magana iri ɗaya ake yi musu ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani matashi ne ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Ya koyar a wata makarantar kuɗi ana ba shi abin da bai kai kuɗin mota ba. Ya shiga shirin N-Power da aka fara a 2016, yana karɓar naira 30,000 a wata, har wa'adinsu ya ƙare. Ya zauna a shagon yayansa yana tsare masa kaya. Shekara shida ke nan. Yayan nan shi ke biya masa kuɗin ɗaki, mahaifiyarsu kuma ita ke ajiye masa tuwo. A unguwa an daina tambayarsa maganar aiki, don an ga tambayar tana sosa masa rai. To, yau sai aka kira shi aka ba shi takardar ɗaukar aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya, a mataki na 8, wanda shi ne matakin da masu digiri suka saba farawa.

Abu na farko da zan ce wa wannan matashi shi ne ya san a ina ya tsaya kafin ya yi magana, domin takardar da ke hannunsa tayi ne aka yi masa. Akwai sauran tafiya. Zai rubuta takardar amincewa cikin wa'adin da aka ba shi. Zai je a tantance takardunsa na makaranta da na bautar ƙasa da shaidar haihuwa da ta ƙaramar hukumarsa, ya kawo takardar asibiti mai nuna lafiyarsa ƙalau. Za a buɗe masa fayil, a tura shi sashen da zai yi aiki, ya sa hannu cewa ya kama aiki. Bayan wannan sai a shigar da sunansa cikin tsarin biyan albashi na IPPIS, kuma sabon ma'aikaci yakan yi watanni yana zuwa ofis kafin albashin farko ya shigo. Daga nan ma yana cikin gwaji ne, domin a aikin gwamnati sai an yi shekara biyu kafin a tabbatar da mutum.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wato takardar bogi. An sha kama mutane da takardun ɗaukar aiki na jabu a ma'aikatun tarayya, kuma wasunsu ba su ma san na jabu ba ne, kuɗi suka biya wani ya damfare su. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki cinikin guraben aiki, har binciken ya taɓa hukumar raba daidai ta ƙasa. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. In an ce ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin takarda ta fito, ko an miƙa maka ita a otal ko a bakin titi, ko ba ka taɓa zama gaban kowa an yi maka tambayoyi ba, ko an ce kada ka je ofishin da kanka sai an kira ka, to ka riƙe bakinka tukuna. Ka taka da ƙafarka zuwa sashen kula da ma'aikata na hukumar, ka nuna takardar, ka ji ko sun san da ita. Mutumin da ya riga ya sanar da dangi da unguwa, aka yi masa barka, sannan aka kore shi a wurin tantancewa, asara biyu ya yi. Ya rasa aikin, kuma sai ya sake bi gida gida yana warware maganar da ya ƙulla.

Wannan ba ya nufin a ɓoye wa kowa da kowa. Iyaye dai a ranar ya kamata su ji, kuma da bakinka. In suna gari, ka je ka durƙusa ka faɗa musu. In suna nesa, ka kira su kafin ka kira kowa. Abin lura shi ne ka faɗi abin a daidai inda ya kai. Matashin namu zai ce: “Inna, albishirinki. An ba ni takardar aiki a hukuma kaza. Saura tantancewa ranar Litinin, kuma an ce albashi yakan ɗauki lokaci kafin ya fara. A taya ni da addu'a, kuma a bar maganar a cikin gida har in kama aiki.” Duba abin da ya yi. Bai rage mata farin cikinta ba, domin ta yi shekara shida tana jiran wannan rana, kuma haƙƙinta ne ta yi murna. Amma bai bar ta ta ɗauka cewa ƙarshen wata kuɗi zai shigo ba. In yana da mata, ita ma a wannan sahun take, don ita ta sha zaman babu tare da shi. Haka mace in ita ce ta samu aikin, mijinta da iyayenta su ne farkon ji.

Sai yayan da ya ɗauki nauyinsa. A ganina nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren ba na taƙama ba ne, na sakaci ne. Mutum ya ciyar da kai shekaru, sai ya ji labarin aikinka a majalisa, daga bakin wani yana yi masa barka. Zai amsa da murmushi, amma abin ba zai fita daga ransa da wuri ba. Ka je wurinsa takanas. Ka ambaci abin da ya yi maka da sunansa, kada ka tsaya a “na gode da komai”. Ka ce: “Yaya, kai ka riƙa biya mini kuɗin ɗaki tun da na dawo daga bautar ƙasa, kai ka ba ni kuɗin motar zuwa Abuja ranar jarrabawa. Ga abin da Allah ya yi. Da zarar albashi ya fara, na ɗauke maka maganar ɗaki. Allah ya saka da alheri.” Haka za ka yi wa malamin da ya rubuta maka takardar shaida, da wanda ya turo maka sanarwar gurbin tun farko. Wanda kake riƙe da bashinsa ma yana cikin wannan jerin. Gara ya ji daga gare ka, tare da gaskiyar lokacin da za ka iya fara biya, da ya ji a gari ya zaci kana ɓuya ne.

Yanzu mu zo kan taƙama, mu ga yadda take shigowa. Ba kasafai mutum yake miƙewa ya ce na fi ku ba. Takan shigo ne ta ƙarin gishiri. An ɗauke shi ƙaramin jami'i, sai ya ce an ba shi babban muƙami. Aikin kwantiragi ne na shekara ɗaya, sai ya bar mutane su ɗauka na dindindin ne. Sunan hukumar yake ta maimaitawa saboda sunan yana da nauyi, bai faɗi abin da zai riƙa yi a cikinta ba. Takan kuma shigo ta ramuwar gayya, kuma wannan ta fi yawa ga wanda ya daɗe a zaune. Ya sha gori, an kira shi cima-zaune, wataƙila an fasa ba shi aure saboda ba shi da abin yi. To yau rana ta zo, sai sanarwar ta koma habaici: ina masu cewa ba za mu yi ba, yau ga shi Allah ya kunyata maƙiya. Na fahimci inda wannan zafin yake fitowa, kuma ba na raina shi. Amma ka lura da wanda maganar take samu. Wanda ya yi maka gorin sau da yawa ya manta ma ya yi. Waɗanda za su tsargu su ne 'yan'uwa da abokai da ba su yi maka komai ba, kowa yana tambayar kansa ko da shi kake.

Hanya ta uku ita ce goge hannun mutane daga labarin. Mutum ya ce ni ban san kowa ba, ƙoƙarina ne kawai ya kai ni, alhali akwai wanda ya kai takardunsa, akwai wanda ya yi magana a kansa. In da gaske jarrabawa ka ci ba tare da sanin kowa ba, faɗar hakan gaskiya ce, kuma tana ƙarfafa wa na baya gwiwa. In kuwa an taimaka maka, to cewa ba a taimaka ba butulci ne ga wanda ya taimaka, kuma zalunci ne ga abokinka da yake ganin shi ne bai yi ƙoƙari ba.

Taƙama tana da kuɗin da ake biya, kuma mai ita ne yake biya. A ce albashin matashin namu a takarda naira 120,000 ne, misali kawai nake bayarwa. Za a cire kaso 8 cikin 100 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, a cire haraji, a cire na asusun gidaje. Daga abin da ya rage zai biya mota kullum, ya ci abinci, wataƙila ya kama ɗaki a garin da aka tura shi. In ya bar dangi da tunanin cewa ya shiga daula, buƙatun da za su zo masa za su zo ne daidai da labarin da ya bayar: kuɗin makarantar ƙane, gudummawar biki, maganin gwaggo. Ba zai iya ba. Sai a ce ya samu duniya ya canza. Ko kuma ya fara cin bashi don ya rufa wa maganarsa asiri, tun albashin farko bai shigo ba.

To, ɗaya ɓangaren fa, wato ƙanƙantar da abin? Shi ya fi wuyar ganewa, domin yana kama da halin kirki. Mu Hausawa mun taso da kunya da kawaici, kuma ba ma son mai yabon kansa. Wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma akwai inda take karkacewa. An tambayi mutum, an ce mun ji ka samu aiki, sai ya ce: “Kai, wane aiki? Ɗan buga-buga ne dai, muna lallaɓawa.” Alhali aikin gwamnatin tarayya ne da dubban mutane suka nema. Wani ma cewa zai yi har yanzu ana nan ana nema, kuma ya yi wata uku yana zuwa ofis. Wani kuma yakan haɗa taƙama da ƙanƙantarwa a jumla ɗaya, ya ce shi fa bai ma so aikin ba, matsa masa aka yi, ko ya yi ta ƙorafin cewa yawan tafiye-tafiyen ofis sun hana shi hutawa, a gaban wanda ba shi da kuɗin mota. Wannan taƙama ce da ta yafa mayafin tawali'u, kuma mai sauraro yana ganin ta sarai.

Dalilan da suke sa mutane haka sanannu ne: tsoron hassada da kambun baka, tsoron roƙo, da kuma nauyin abokai da ba su samu ba. Tsoron hassada ba abin wasa ba ne, kuma malamai sukan kafa hujja da shawarar da Annabi Yakubu ya ba ɗansa Annabi Yusuf, Allah ya ƙara musu aminci, cewa kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Amma su dai malaman sukan tunatar da mu cewa Suratud Duha ta ƙare ne da umarnin a bayar da labarin ni'imar Ubangiji. Yadda na fahimci haɗuwar biyun shi ne, kana da damar ka yi shiru, kana da damar ka zaɓi wanda za ka faɗa wa da lokacin da za ka faɗa. Abin da ba ka da dama shi ne ka musanta ni'imar, ko ka raina ta da bakinka. Wanda ba ka so ya san zurfin al'amarinka, ka ce masa: “Alhamdu lillahi, an samu, mun fara.” Ka tsaya nan. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma buɗe cikinka ba.

Ka kuma duba wanda ƙanƙantar da abin yake cutarwa. Mahaifiyar da ta yi shekaru tana tashi cikin dare tana roƙa maka, ta ji kana cewa ba wani abu ba ne. Mutumin da ya sa baki aka duba takardunka, ya ji kana cewa maneji ne kawai. Sannan wanda yake ci gaba da turo maka ɗan taimako duk wata saboda yana zaton har yanzu kana zaune, in ka ci gaba da karɓa ba ka faɗa masa ba, ka ci abin da ba don haka aka ba ka ba.

Akwai wani nau'in ɓoyewar da ba na tsoron ido ba ne, na jin kunyar aikin ne. Mai digiri ya samu aikin tuƙi a kamfani, ko gadi, ko karɓar kuɗi a kanti, sai ya riƙa cewa yana aiki da wani kamfani, ya ƙi faɗar ko mene ne. Shawarata ita ce ka kira aikin da sunansa, ba tare da ba da haƙuri ba. “Na samu aikin direba a kamfani kaza, kuma ina ci gaba da neman na fannina.” Wanda ya faɗi haka ya huta da fargabar ranar da za a gan shi a bakin aiki. Ya kuma bar ƙofa a buɗe, domin wanda ya ji labarin gurbi a fanninsa zai tuna da shi. Ga masu aikin kamfani, ku sani cewa dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Har sai ka ga wannan takarda, in ana tambayarka ka ce ka fara, kana lokacin gwaji.

Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne. Bayan ka gama magana, a ce wanda ya saurare ka zai ɗauki takardar aikin ya karanta. Zai ga abin da ka faɗa masa ne, ko zai ce ashe abin bai kai haka ba, ko ya ce ashe abin ya fi haka? In ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe ne, to akwai gyara a maganarka. Sanarwar da ta tsaya daidai ba ta da tsawo. Bayan matashin namu ya kama aiki, abin da zai faɗa wa dangi da maƙwabta bai wuce wannan ba: “Alhamdu lillahi, bayan doguwar jira na samu aiki a hukuma kaza, a sashen kaza, na fara makon jiya. Na gode da addu'o'inku da ɗawainiyar da kuka yi da ni. A ci gaba da sa mu a addu'a.” Bai ɓoye cewa ya daɗe yana jira ba, don ba abin kunya ba ne, bai kuma mai da jiran wani dogon labari ba. In an ce masa Allah ya sanya alheri, ya ce amin, na gode. Ba sai ya bi kowace barka da “ai ba wani abu ba ne” ba.

Maganar albashi kuwa, ba kowa ke da haƙƙin sanin adadinsa ba. Matarka ya kamata ta sani, domin da shi za a tsara gida. Iyaye da yayan da ya ɗauki nauyinka, yana da kyau su san gaskiyar abin da yake shigowa hannu bayan an yi yanke-yanke, saboda su ne za su kare ka in buƙatun dangi suka yi yawa. Sauran jama'a in sun tambaya, “albashin mataki na 8 ne, Alhamdu lillahi” ya wadatar. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton takardar aiki ko katin shaida ana yaɗawa a waya. Akwai lambar fayil da sa hannun jami'i a jiki, kuma irin waɗannan ne 'yan damfara suke kwaikwaya su buga na jabu.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato abokin da kuka yi zaman jiran tare. Kun cike takardun neman aiki tare, wataƙila ma wannan gurbin kun nema tare, kai ka samu shi bai samu ba. Mutane da yawa sukan guje wa irin wannan aboki saboda nauyi, har ya ji a bakin wasu. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, domin yana nuna masa cewa kana zaton zai yi maka baƙin ciki. Ka same shi shi kaɗai, ba a tsakiyar majalisa ba. Ka faɗa masa a taƙaice. Kada ka yi masa wa'azin haƙuri, ya fi ka sanin haƙuri a yanzu. Kada kuma ka yi masa alkawarin za ka shigar da shi, kai da ko tabbatar da kai ba a yi ba. In ka ga fuskarsa ta ɗan canza, ko murnarsa ba ta kai yadda ka zata ba, kada ka kira shi mahassadi. Mutum yana iya taya ka murna da gaske, a lokaci guda kuma yana jin zafin halin da yake ciki.

Zai tambaye ka yadda aka yi, kuma a nan ne za ka iya amfanarsa. Ka faɗa masa inda ka ga sanarwar, irin tambayoyin da aka yi muku a jarrabawa, takardun da aka nema a wurin tantancewa, da wanda aka mayar saboda sunansa ko ranar haihuwarsa sun saɓa tsakanin takardar makaranta da lambar NIN, don ya je ya gyara nasa tun yanzu. In wani ne ya yi maka hanya, ka ce an taimaka mini, ko da ba za ka ambaci suna ba. Makarantar da kake koyarwa kafin ka samu wannan aikin, in za ka bar ta, ka gaya wa mai makarantar da wuri, ka kuma tambayi abokin naka ko yana so ka kai sunansa a madadinka.